Hannun da Ya Shigo Hoton Baba

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma zancen hoto na kawo muku. Na san da yawanku an taɓa cewa ku turo hoto don bayan littafi ko fastar taro, kuka duba waya kuka tarar hoton da kuka fi kyau a ciki akwai hannun wani ya kutso ta gefe. Abin da kowa ke yi shi ne ya danna Crop ya datse gefen. Ni ma haka nake yi ba tare da wani tunani ba, sai da wani hoto guda ya tsayar da ni na kwana uku ina lissafi.

Bari in fara da wanda ya zo mini da sauƙi, don a ga bambanci.

Lokacin da ƙungiyarmu ta haɗa littafin gajerun labarai, an ce kowa ya turo hotonsa, za a sa shi kusa da taƙaitaccen tarihinsa. Na zaɓi wani da abokina ya ɗauke ni bayan an tashi daga taron karatu. Ina tsaye jikin bango, haske ya zauna daidai a fuskata, amma a gefen hagu daga ƙasa ga hannun wani riƙe da ledar ruwa. Hannun bai taɓa ni ba, tsakanina da shi akwai fili.

Abu na farko da na yi shi ne na buɗe Details na hoton don in ga girmansa. Kowane hoton waya ƙananan ɗigo ne aka jera, su ake kira fiksel, kuma idan ka datse hoto ɗigon nan kake zubarwa, ba sa dawowa. Nawa hoton yana da 3000 a faɗi, 4000 a tsawo. Hannun ya shigo kusan fiksel 450, sai na datse 500 don kada a bar ko inuwarsa. Faɗi ya koma 2500. Akwatin da aka ware wa kowa a shafin inci biyu ne a faɗi, biyu da rabi a tsawo, wato duk huɗu na faɗi yana tafiya da biyar na tsawo. Saboda haka tsawon ma dole ya sauko zuwa 3125, na cire 875, mafi yawa daga ƙasa, kaɗan daga saman kaina. Na zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na hoton, amma me ke cikin abin da na zubar? Bango, ƙasan wandona da ledar ruwa. Masu ɗab'i suna son fiksel 300 a kowane inci, don haka ɗan akwatin nan 600 da 750 kawai yake buƙata. Ina da ninkin hakan sau huɗu. Minti biyu na gama, babu wanda ya san an taɓa hoton.

Wannan nasarar ce ta sa na ɗauka duk hannun da ya shigo hoto maganinsa datsewa.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, Umma ta ce tana son a wanke mata hotonsa guda ɗaya a sa a firam ta ajiye a ɗakinta. Baba ba mai son hoto ba ne. In ka ɗaga waya sai ya ɗaure fuska, ko ya ce akwai abin da zai ɗauko a ciki. Da muka tattara abin da muke da shi, sai muka ga na fasfo ne guda biyu, da wasu na taro da yake can baya. Guda ɗaya ne ya fito da shi kamar yadda muka san shi: ranar ɗaurin auren yayata, a ƙofar gidanmu a Zariya. Yana zaune, babbar riga fara, hula ta zauna, carbi a hannu, ya ɗan juya yana murmushin nan nasa da ba ya buɗe baki. A kafaɗarsa ta hagu kuwa ga hannun wani mutum ya dafa shi. Ba fuska, ba jiki, hannu ne kawai da bakin hannun riga mai ruwan toka, ya shigo daga gefen dama na hoton. Har yau ba mu san ko na wane ne ba. Ranar mutane sun cika layinmu, kowa yana zuwa ya yi masa murna ya wuce.

Da yake ni ne mai difloma a aikin jarida, kuma na yi kwas ɗin ɗaukar hoto a poli, aikin ya faɗo kaina. Na ce wa Umma ta ba ni zuwa gobe.

Matsala ta farko ta bayyana tun a Details. Hoton 1200 ne a faɗi, 1600 a tsawo. Wani ɗan uwanmu ne ya ɗauka ya tura wa yayata ta WhatsApp, ita kuma ta turo mini. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa girma idan an tura shi yadda aka saba, sai dai in an tura shi a matsayin Document. Na kira ɗan uwan namu ko yana da na asali, ya ce wayar ta daɗe da lalacewa. Ke nan wannan ƙaramin shi ne duk abin da ya rage a duniya. Na yi kwafinsa na ajiye a wuri biyu kafin in taɓa komai, kuma duk gwajin da zan yi daga kwafin nake farawa, domin irin waɗannan hotunan duk lokacin da ka gyara ka sake ajiyewa suna ƙara rasa kaifi.

Firam ɗin da Umma take so na inci takwas da goma ne. Ko ban datse komai don hannun ba, sai na rage tsawo zuwa 1500 don ya shiga, kuma 1200 a raba wa inci takwas ya ba da fiksel 150 a kowane inci. Rabin abin da masu ɗab'i ke nema ke nan. Hoton da za a riƙa kallo daga ɗan nesa yana iya wucewa a haka, amma a bakin iyaka yake. Ma'ana tun kafin in fara, ba ni da rarar da zan kashe.

Duk da haka na gwada. Na ɗora hoton a kwamfuta na auna inda komai yake. Tsakiyar fuskar Baba tana fiksel 580 daga gefen hagu. Kunnensa na ɓangaren hannun yana wajen 735. Kan yatsun mutumin kuwa sun iso har 780, kusa da wuyan riga. Tsakanin kunne da yatsu fiksel 45 ne kacal. A hotona na farko hannun yana cikin fili shi kaɗai, nan kuwa a kan mutumin da nake son cetowa yake. Wannan shi ne abin da ya kamata in fara dubawa tun kafin lissafi: hannun yana bayan fage ne, ko yana kan jiki? Wanda ke bayan fage bango za ka biya ka rabu da shi. Wanda ke kan jiki da jikin mutuminka za ka biya.

Gwaji na farko, na datse daga dama har zuwa 770. Hannun ya tafi gaba ɗaya. Faɗi ya zama 770, tsawon da zai dace da firam ɗin ya zama 963. Abin da ya rage bai kai kashi 40 cikin ɗari na hoton ba, kuma fiksel 96 ne a kowane inci. A allon waya ya yi kamar ba laifi, domin allon waya ƙarami ne, yana rufa wa hoto asiri. Da na buɗe shi a girman da za a wanke shi, gashin gemun Baba ya zama kamar an shafa toka, idanunsa suka dushe.

Amma ko da fiksel sun isa, akwai abin da ya fi wannan muni. Baba ya ɗan juya ne zuwa dama, wato ɓangaren da na datse. Mutum a hoto yana buƙatar fili a gaban idonsa, inda yake kallo. Idan ka cire filin nan sai ya zama kamar an tura shi jikin bango, ko yana shirin ficewa daga hoton. Yanzu duk filin yana bayan ƙeyarsa, gabansa kuma babu komai. Sannan na tuna firam ma yana cin nasa: bakin katakon yakan rufe kusan kwata na inci a kowane gefe. Tazarar da na bari tsakanin kunne da bakin hoto ba ta wuce sulusin inci ba da wani abu. Da an sa shi a firam, kunnen Baba zai kusan manne da katako.

Gwaji na biyu, na ce bari in daidaita, in datse hagu ma don fuska ta dawo tsakiya. Tunda daga tsakiyar fuska zuwa bakin dama 190 ne, hagu ma sai ya zama 190. Faɗi ya koma 380, tsawo 475. Daga saman hula zuwa ƙasan gemu kuwa kusan 520 ne, don haka kan ma bai shiga ba, sai dai in zaɓa tsakanin hula da gemu. Abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma na hoton ba. A inci takwas da goma, fiksel 47 da rabi ne a kowane inci, ɗigon za su fito ƙuru-ƙuru. In kuma ana son ya fito da kaifi a 300, girmansa ba zai kai na fasfo ba. Na yi dariyar takaici ni kaɗai: muna da na fasfo har guda biyu, ga shi na ɓata dare ina ƙera na uku.

Gwaji na uku, na bar gefe na datso daga ƙasa, sama da yatsun. Gemun ya ƙare a wajen 860 daga sama, yatsun sun fara a 900. Na yanka a 890. Abin da na gani ya sa na rufe kwamfutar na fita tsakar gida. Kai ne kawai, an yanke shi a wuya. Malaminmu na hoto a poli ya sha gaya mana kada a datse mutum a gaɓa: wuya, gwiwar hannu, wuyan hannu, gwiwa, idon sawu. Idan ka yanka a tsakiyar ƙirji ko tsakiyar damtse ko tsakiyar cinya, ido yana ƙarasa sauran da kansa, ya san jikin ya ci gaba a wajen hoto. Idan ka yanka a gaɓa, ido yana ganin kamar a nan jikin ya ƙare. Na ci wannan a jarrabawa, amma ban ji shi a jikina ba sai daren da na yi wa mahaifina.

Washegari na yi gwaji na huɗu, wanda nake jin shi ne kuskuren da aka fi yi. Na ce tunda cirewa duka ta yi tsada, bari in rage hannun kawai. Na datse a wajen 900, bakin hannun rigar mutumin da wuyan hannunsa suka tafi, kafaɗar Baba ta ɗan samu wuri. Sai ga yatsu huɗu kwance a kafaɗarsa, ba su da tushe. A hoton asali kana gani ka san wani ne ya dafa shi, hankalinka ya wuce. Yanzu kuwa sai ka tsaya kana tambayar mene ne wannan. Rage hannun ya sa ya fi fitowa. Daga nan na riƙe cewa hannun baƙo hanya biyu ce gare shi: ko ya fita duka har inuwarsa, ko a bar isasshensa yadda kowa zai gane hannun mutum ne da ke tsaye a gefe. Tsakiyar ita ce mafi muni.

Na ɗauki hoton na je wani situdiyo a Tudun Wada, wurin wani dattijo da ya daɗe yana wanke hotuna. Na nuna masa gwaje-gwajen duka. Ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, ka sha wahala. In kana so yaron nan zai goge maka hannun a kwamfuta, ya ɗebo fari daga wani ɓangaren rigar ya lulluɓe wurin."

Na ce, "Baba, zai fito kamar ba a taɓa ba?"

Ya ce, "A babban hoto mai kaifi yana fitowa. Wannan naka ƙarami ne, kuma dubi nan." Ya nuna inda yatsun suka danna rigar ta yi ƙwarya, ga inuwa a ƙarƙashi, ga bakin aikin zare ya shige ƙarƙashin tafin hannun. "Duk wannan sai an zana sabo. Za ka samu kafaɗa, amma yaron ne ya yi ta."

Ban yarda ba, kuma ba don haramun ne a goge abu a hoton gida ba. Kowa da hotonsa. Amma a aikin jarida an koya mana bambancin: datsewa zaɓen abin da za ka nuna ne daga abin da ya faru, gogewa kuwa sa abin da bai faru ba ne. Shi ya sa kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya yarda masu ɗaukar hotonsa su datse, amma bai yarda su cire ko su ƙara wani abu a cikin hoto ba. A 2014 ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoton yaƙin Siriya. Hoton Baba ba na jarida ba ne, amma shi ne shaidar da ta rage mana, kuma ban so wani ɓangarensa ya zama zanen wani yaro da bai taɓa ganinsa ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa datsewa laifi ce. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ya yi suna wajen ƙin a datse masa hoto, shi ma sanannen hotonsa na 1932, na mutumin da ke tsallake ruwa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, datsasshe ne. Ta tsakanin katakon shinge ya ɗauka, katakon ya rufe gefen hagu, aka cire wurin. Abin da aka cire duhu ne kawai, mutumin da inuwarsa a ruwa suna nan cif. Irin hotona na ledar ruwa ke nan. Tambayar kullum ita ce me ya tafi tare da abin da ka kora.

A rana ta uku na kai wa Umma gwaji na farko, don shi ne mai ɗan dama-dama. Na miƙa mata wayar ban ce komai ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina sauran rigar?"

Na ce, "Umma, na rage ta ne saboda hannun."

Ta ce, "Wane hannu?"

Na buɗe mata na asali na nuna. Ta kawo wayar kusa da fuskarta ta ce, "Au, ai kuwa. Ka ga ni ban taɓa lura da shi ba." Wata nawa hoton yana wayarta tana kallo kullum, ba ta ga hannun ba. Ni kuwa kwana uku ban ga komai ba sai shi.

Sai ta sa yatsa a ƙirjin rigar. Duk wanda ya san babbar riga ya san babban aikin yana ɓangaren hagu ne, wajen aljihu, wato daidai ɓangaren da hannun ya sauka, daidai inda na sa wuƙa. Na raba aikin gida biyu na zubar da rabi. Ta ce ita ta yi adashi ta ba da aikin rigar nan don bikin, ya yi ta faɗan an kashe kuɗi, amma ranar da ya sa ta bai cire ba sai bayan isha'i. Ta gangaro da yatsa zuwa hannayensa ta ce, "Ga carbinsa ma ka cire. Babanku ba ya zama babu shi." Sannan ta mayar mini da wayar ta ce, "Ranar biki ce, wa zai zauna shi kaɗai? Ka bar wa bawan Allah hannunsa."

A nan na ga lissafina bai cika ba. Na ƙirga fiksel, na auna fili da gaɓoɓi, amma ban tambayi mai hoton abin da take kallo a ciki ba. Ni fuska nake ƙoƙarin cetowa, ita kuwa mutumin take so, da rigarsa da carbinsa da yadda yake zama.

Ga abin da muka yi a ƙarshe. Na roƙe ta ta haƙura da babban firam, muka koma inci biyar da bakwai. Da tsawon 1600 a raba wa inci bakwai, an samu kusan fiksel 228 a kowane inci, wanda ya fi 150 nesa, kuma gemun ya fito da silinsa. Don ya shiga wannan girman, faɗi sai ya sauko daga 1200 zuwa 1143, wato a cire 57. Na cire su daga hagu, ɓangaren da babu hannun. Wanda bai san dalili ba zai ce na yi wauta, amma da na ciro daga dama da na gajarta hannun rigar mutumin na matsa kusa da matsalar yatsu marasa tushe. Cirewa daga hagu kuma ta ƙara wa Baba fili a inda yake kallo. Dattijon situdiyo ya ɗan rage hasken kusurwar dama kaɗan, yadda ido zai fara sauka a fuska. Ba a goge komai ba.

Tun daga lokacin, idan wani a ƙungiya ya turo mini hoto ya ce in cire masa hannun wani, ga yadda nake bi. Ina fara neman na asali, in ce a turo ta Document, domin rabin matsalar a nan take mutuwa. Sai in tambayi inda za a sa hoton da girmansa, in ninka kowane inci da 300 in san abin da nake buƙata. Hoton bayan littafi ƙarami ne, yana yafe datsewa mai yawa. Fasta da firam ba sa yafewa. A wurina idan lissafi ya faɗi ƙasa da 150 a inci, na daina, sai dai a rage girman da za a wanke. Bayan haka sai in ja layin datsewar in kalli ɓangaren da zai tafi, ba wanda zai rage ba, in lissafa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Idan bango ne da sama da kujera, bismilla. Idan akwai kafaɗa, ko hannun mai hoton kansa, ko littafin da yake riƙe da shi, ko filin da yake kallo, to farashin ya fara hawa. Na ƙarshe, ina nuna wa wanda bai san da zancen hannun ba hoton asali na ɗan lokaci, in karɓe, in tambaye shi me ya gani. Idan bai ambaci hannun ba, hannun a idona kawai yake da girma.

Akwai wata 'yar uwa a nan zauren da ta turo mini nata kwanakin baya, an ɗauke ta tana karɓar kyauta, hannun mai miƙa mata ya shigo. Ta ce in cire shi don bangon littafinta. Na gwada, sai ga takardar shaida tana rataye a iska, gefe ɗaya ba mai riƙe da ita. Na ce mata wannan hoton na labarin kyauta ne, a bar shi haka. Na bango kuwa, ta tsaya kusa da taga da safe a ɗauke ta sabo. Minti goma suka yi aka samu wanda ya fi. Wanda yake raye yana da wannan gatan, kuma sau da yawa sake ɗauka ya fi duk wata dabara araha. In kai ne mai ɗaukar, ka zagaya da idonka gefuna huɗu na allon kafin ka danna, ka ja baya taki ɗaya don a samu rarar da za a datse, kuma ka ɗauka sau uku ko huɗu, domin hannun da ya shigo na farko da wuya ya kai na uku.

Mu ba mu da damar sake ɗauka. Firam ɗin yana nan a kan durowar Umma. Ranar da yayata ta zo ta gan shi, ta ɗauka ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta ce rigar ta fito. Ba ta yi zancen hannun ba, ni ma ban nuna mata ba.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya sa sun huta. Wanda yake da hoton da ya rasa yadda zai yi da shi, ya fara duba Details ya rubuta lambobin nan biyu kafin ya taɓa komai.